Ɗan kunnen farko bayan huji: gwal, titaniyom, sitil ko GL, kuma wane tsayi?

Duk wadda ta taɓa ƙara huji da girmanta ta san maganar nan da ake yawan yi, wai "jinina ne bai karɓi hujin ba". Ni dai yanzu in na ji haka abu biyu nake fara tambaya, da wane irin ƙarfe aka yi ɗan kunnen da aka bar miki a ciki, sannan ya tsayin sandarsa yake. Domin mafi yawan kunnen da na gani yana ruwa yana kumburi ba jini ba ne, ba kuma maita ba ce, ko dai ƙarfen ne ke cin fatar ko kuma sandar ta yi gajarta ta shaƙe naman, sai daga baya ƙwayar cuta ta samu ƙofa ta shigo. Mu kuma sai mu kama shafa man zafi da sifirit muna ƙara wa Borno dawaki.

Abin da ya sa na tsaya na koyi wannan harkar ƙanwata ce. Saura wata biyu bikinta ta ce ita lallai sai ta ƙara huji na biyu a ƙasan kunne, ta je wani shago aka harba mata da bindigar hujin nan, aka bar mata 'yar barima mai ruwan gwal da ɗan dutse, aka tura sitofa ta baya har ta manne da fata wai don kar ya faɗi. Rana ta farko lafiya lau. Rana ta uku ta fara susa, duka kunnuwan biyu, ƙaiƙayi kamar ta cire kunnen ta ajiye, wajen ya yi ja, ruwa fari tas yana tsatstsafowa yana bushewa kamar ɓawon kanzo. Rana ta biyar na dama, wanda take kwanciya a kansa, ya kumbura har sitofar ta fara nutsewa cikin nama, da kyar kake hango gefenta. Umma ta ce a sa man kaɗanya, wata maƙwabciya ta ce a buɗe kafso a barbaɗa, ita kuma tana kuka tana cewa Yaya shikenan haka zan shiga ɗaki da ruɓaɓɓen kunne. Zan dawo kan yadda muka ƙare, amma a wannan labarin kaɗai akwai matsala biyu daban, ta ƙarfe da ta tsayi, kuma kowacce da alamarta.

Mu fara da ƙarfen. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne sabon huji ciwo ne buɗaɗɗe, rami ne da babu fata a cikinsa, duk abin da ɗan kunnen ke saki kai tsaye cikin nama yake shiga dare da rana har tsawon makonni. Babban mai laifin kuwa wani ƙarfe ne da ake kira nikel, wanda ake gaurayawa cikin yawancin kayan ado masu araha saboda yana sa su sheƙi da ƙwari. Gumi da ruwan ciwo suna narkar da shi kaɗan-kaɗan, jiki ya ɗauke shi a matsayin abokin gaba, kuma abin takaicin in jiki ya riga ya kama alajin nikel to ya kama kenan, ba ya tafiya. Shi ya sa za ki ga mace ta ce da ina sa kowane irin ɗan kunne amma tun da na ƙara huji ko agogo na ɗaura sai hannuna ya yi ƙuraje, ko madannin rigar mama ya bar mata tabo a baya. Hujin kunne na daga cikin manyan hanyoyin da mata ke ɗaukar wannan alajin. Turai ma saboda haka suka kafa doka tun 1994 kan nikel a kayan ado, kuma abin da ake sawa cikin huji an fi tsananta masa fiye da abin da ke taɓa fata kawai, ba a yarda ya saki fiye da maikirogiram 0.2 a kowane murabba'in santimita a mako ba. Mu kuwa abin da ke cikin tiren mai koli babu wanda ya auna shi.

Toh GL da fashon, su zan fara cirewa daga lissafi gaba ɗaya. Ba wai don na raina su ba, ni ma su nake sawa zuwa biki, amma a tsohon huji da ya riga ya yi fata. Ruwan gwal ɗin da ke kansu siriri ne ƙwarai, ƙarƙashinsa kuma tagulla ce ko wani gaurayen ƙarfe, sau da yawa har da shimfiɗar nikel a tsakani don ruwan ya kama. A cikin ramin da kullum yake jiƙe wannan ruwan ba ya daɗewa yake fara ɓarewa, kuma wurin da ya fi saurin ɓarewa shi ne sandar, daidai inda ke cikin nama, inda idonki ba ya gani. Fuskar ɗan kunnen tana nan tana ƙyalli ke kina cewa ai bai koɗe ba, ciki kuwa ya yi kore. Wannan ne ya samu ƙanwata.

Azurfa ita ce mutane suka fi yi mini musu a kai, don a wurinmu azurfa abu ne mai daraja, har ana cewa tana magani. Wadda aka buga wa 925 kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe, matsalarta kuma ba alaji ba ne sosai, baƙin da take yi ne. Kin san yadda zoben azurfa ke dushewa in ya sha gumi har sai an wanke shi da toka ko man goge baki, to haka take yi a cikin sabon rami, sai dai a nan baƙin yana iya shiga cikin naman da ke warkewa ya zauna, ki ga bakin hujin ya yi ɗigo ruwan toka wanda ba sabulun da zai fitar da shi. Ga ta da taushi tana saurin karcewa. In huji ya warke ki sa abinki, amma ba ranar farko ba.

Sai sitil, wanda masu shago ke ce wa sajikal sitil da baki cike kamar sunan kaɗai ya isa. A nan ne ake yawan ruɗewa, domin sitil ɗin da ba ya tsatsa, irin wanda ake kira 316L, shi kansa yana ɗauke da nikel kusan kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari. Abin da ya sa yake wa mutane da yawa lafiya shi ne nikel ɗin a ɗaure yake cikin ƙarfen, in an yi shi da kyau an goge shi sumul kaɗan yake saki. Akwai ajin da aka yi don dasawa a jikin mutum, lambarsa ASTM F138, wannan masu huji na gaske suna amfani da shi a sabon huji. Amma kalmar sajikal ita kaɗai ba ta da wata lamba a bayanta, kowa na iya rubutawa a kwali. Hukuncina a kan sitil shi ne, in kin san jikinki bai taɓa yin ƙuraje da agogo ko sarƙar fashon ba, kuma kuɗinki bai kai na gwal ko titaniyom ba, sitil mai kyau ya fi GL nesa ba kusa ba. In kuwa kin taɓa ganin ko ɗan ƙaiƙayi daga ƙarfe, ki bar shi, kar ki gwada sa'a da buɗaɗɗen ciwo.

Yanzu gwal, wanda shi ne zuciyar kowa ke kai, musamman in jaririya ce, kaka ta riga ta ajiye barimar da ta sawo a Makka tun kafin a haihu. Gwal na gaske da wuya jiki ya yi faɗa da shi, wannan haka ne, sai dai ɗan kunne ba zallar gwal ba ne, kuma sauran abin da aka gauraya shi ne abin dubawa. In kin juya za ki ga 'yar lamba, 750 shi ne karat 18, wato kashi 75 gwal, 585 karat 14, 875 kuma karat 21 irin na Saudiyya da Dubai da muka fi sani, 916 karat 22. Masu sana'ar huji a waje sun fi son 14 zuwa 18, dalilinsu kuwa ƙasa da 14 gaurayen ya yi yawa, sama da 18 kuma taushi ya yi yawa, yana karcewa yana lanƙwashewa, kuma kowace karcewa maɓoyar datti ce sannan tana gogar sabon nama. Ni dai a ganina karat 21 mai ruwan ɗorawa ba abin tsoro ba ne a naman ƙasan kunne, da wuya ya kawo alaji tunda yawanci jan ƙarfe da azurfa ne a ciki, dubban 'ya'yanmu da shi suka warke. Inda yake ba da matsala siffarsa ce, an ƙera shi ne don ado da kuma rage nauyin giram, sai ki ga sandar siririya kamar gashi, gajeriya, ga zanen dunƙule a jikinta mai kaifi, ga ado a bayan fuskar da ke tara ruwan ciwo. In za ki sa gwal ki nemi mafi sauƙin fasali, ɗan dunƙule sumul ba rami ba sassaƙa, ki shafa sandar a leɓenki ko bayan hannu, in kin ji tana karta to haka za ta yi wa ramin.

Farin gwal kuma ki yi hattara da shi, domin ɗaya daga cikin hanyoyin da ake mayar da gwal fari ita ce a zuba masa nikel, sannan a lulluɓe shi da ruwan rodiyom wanda shi ma yana gogewa. Akwai wanda ake yi da faladiyom babu nikel, amma in mai shago ba zai iya gaya miki wanne ne ba, ɗauki mai ruwan ɗorawa ki huta. Sannan gwal ɗin gado ko na aro, wanda ya kwana a kunnen wata shekara da shekaru, ko wanda maƙeri ya taɓa yi wa liƙi a gindin sanda, shafa masa sifirit ba ya mayar da shi sabo, kuma abin da aka liƙe da shi ba lallai gwal ba ne.

Wanda na fi yarda da shi duk cikinsu titaniyom ne, irin wanda likitocin ƙashi ke sa wa mutum a jiki, lambar da za ki nema a kwali ko ki rubuta in kina saye ta waya ita ce ASTM F136. Babu nikel a haɗinsa, ba ya tsatsa, ba ya baƙi, ga shi ba nauyi, kusan rabin nauyin sitil yake, abin da ke da amfani sosai don sabon rami ba ya son a riƙa jan shi ƙasa. Kuɗinsa bai kama ƙafar gwal ba, ya ɗan fi sitil. Aibinsa biyu ne. Na farko ba a ko'ina ake samunsa ba, yawanci sai wurin masu huji da allura a manyan garuruwa ko a yi oda, don haka ki tanade shi kafin ranar hujin ba bayan kunne ya kumbura ba. Na biyu jabu ya yi yawa, akwai abin da ake rubuta wa titaniyom sitil, wannan sitil ne kawai aka yi masa kwalliyar suna. Gwajin maganaɗisu ba zai raba miki su ba don shi ma sitil mai kyau ba ya kamawa sosai, abin da maganaɗisu zai nuna miki kawai shi ne in ya cafke da ƙarfi to tarkace ne. Nauyi ya fi faɗin gaskiya, ki ɗora biyu masu girma ɗaya a tafin hannu za ki ji. Launinsa na asali toka-toka ne, ana iya juya shi da lantarki ya zama shuɗi ko shunayya ko ruwan ɗorawa ba tare da an shafa masa komai ba, wannan ba matsala, amma baƙi wuluk ba ya samuwa ta wannan hanyar, in kin ga baƙi to shafe ne aka yi.

Zare da tsinke kuma, da su aka huda iyayenmu da mu kanmu da yawa, kuma mun warke, ba zan yi ƙarya ba. Abin da zare ya fi GL da shi shi ne babu nikel kuma ba ya matse nama. Amma yana shan ruwa, ruwan ciwo da na wanka da gumi duk yana riƙewa ya kwana da su a cikin ramin, kuma duk lokacin da aka ja shi ɓawon da ya bushe a jikinsa ne ake shigarwa ciki. Wadda ta warke da zare ƙarfin jikinta ne ya yi aikin. Abin da ya fi zaren haɗari ma allurar ce in an yi wa yara da yawa da guda ɗaya, ta nan ciwon hanta ke bi, ga titanus in kayan ba tsafta. Ni da za a bi tawa, jaririya a bari ta karɓi alluran rigakafinta na sati 6 da 10 da 14, tunda a cikinsu akwai na titanus da na ciwon hanta, duk da na san faɗa wa dangin uba a yi suna kunne ba huji wani yaƙin ne daban.

Toh wannan ƙarfe kenan. Girma kuma shi ne wanda kusan ba wanda ke tambaya, alhali ko titaniyom ɗin asibiti kika sa in ya matse sai kunne ya lalace. Abu biyu ake aunawa, kauri da tsayi.

Kauri da geji ake faɗinsa, kuma lissafin a juye yake, lamba na ƙaruwa sanda na sirancewa. 20G milimita 0.8 ne, shi ne kaurin yawancin 'yan kunnen kasuwa da na bindiga. 18G milimita 1, 16G milimita 1.2, 14G milimita 1.6. Mutane suna ɗauka siriri ya fi sauƙin warkewa, ba haka ba ne. Ki tuna yadda ake yanka sabulu ko tuwon madara da zare, sanda in ta cika siranta haka take yi wa nama duk lokacin da ɗankwali ko hijabi ya fizge ta, a hankali ramin ya zama tsaga. A naman ƙasa 18G shi ne tsaka-tsaki mai kyau, bai yi girman da ƙananan 'yan kunne za su riƙa zurmawa ba, kuma duk wani na kasuwa zai shiga daga baya ba gardama. 20G ma yana yi, musamman ga yara. Sama kuwa, wurin guringuntsi, 16G aka fi yi saboda ya fi tsayawa ba ya rawa.

Tsayi shi ne uwa uba. Kunne sai ya kumbura bayan huji, ko wa ya yi shi ko da me aka yi, yawanci kwana biyu zuwa biyar na farko ya fi tashi. Don haka sandar farko dole ta fi kaurin naman, a bar sararin milimita biyu ko uku. Abin da ake aunawa shi ne tsakanin fuskar gaba da abin da ya tare baya, ba duka tsawon ƙarfen ba. Yawancin manya milimita 8 ke yi musu a farko, mai kaurin kunne 10, bayan an warke a koma 6. Mu koma kan ƙanwata. Da kumburin ya sauka daga baya mun gwada da 'yar rula, naman wurin hujinta na biyu kamar milimita 5 ne. Barimar da aka sa mata, da aka tura sitofar can ciki, sararin da ya rage bai fi kaurin naman ba, kenan tun ranar farko ba wurin numfashi. Da naman ya tashi zuwa 7 ko fiye, ba inda zai je, sai ya hau kan sitofar ya fara haɗiye ta. Na hagu bai nutse ba don ba ta danne shi da dare, amma yana ƙaiƙayi daidai da na dama, kuma wannan ne ya nuna mana cewa matsalar biyu ce.

Ga yadda nake rabewa yanzu. In duka kunnuwan ne lokaci ɗaya, ƙaiƙayi ya fi zafi yawa, fatar da ƙarfen ke taɓawa ta yi ja ko ta yi ƙananan ƙuraje tana fitar da ruwa garai-garai, kuma abin ya fara kwana ɗaya zuwa uku bayan an sa, to ƙarfe ne. In ɗan kunnen ya lotsa cikin nama ya yi masa gurbi, ba ki iya ganin sanda ko kaɗan gaba da baya, wurin yana bugawa kamar zuciya, to tsayi ne. Infekshan na gaske kuwa yawanci gefe ɗaya ne, zafin yana ƙaruwa kullum maimakon raguwa, wurin ya ɗauki ɗumi, jan yana faɗaɗa, mugunya mai kauri ruwan ɗorawa ko kore tana fita wani lokaci da wari, har kaluluwa ta fito a bayan kunne ko zazzaɓi. Shi kuma ɗan farin ruwan da ke bushewa ya yi ɓawo a bakin huji ba tare da zafi ba, wannan warkewa ce, ba mugunya ba ce, kar ki tayar da hankalinki.

Mun kai ƙanwata wurin wata nas da ta saba da harkar, ta wanke wurin da ruwan gishirin asibiti, ta ciro sitofar da ɗan ƙarfen kamu, abin da ba na ba kowa shawarar yi a gida, sannan ta sa mata titaniyom mai tsayin milimita 10, kauri irin na da wato 20G, don kar a tura mai kauri a yage ramin da ke fushi. Da ta duba ta ce bai kai ga shan magani ba. Ƙaiƙayin kwana uku zuwa huɗu ya ɗauka ya lafa, kumburin kamar mako guda. Bayan sati biyar aka rage tsayin zuwa 8, don sanda mai tsawo ma in kumburi ya sauka tana da nata sharrin, tana maƙalewa a gashi da mayafi, tana karkacewa in an kwanta har ramin ya warke a gicciye. Ranar biki da wannan 'yar titaniyom ɗin ta shiga a hujin na biyu, manyan 'yan kunnen lefe kuma aka sa a tsohon hujinta na yarinta, ba wanda ya lura.

Siffar bayan ma tana cikin zaɓin. Sitofar nan mai naɗe-naɗe kamar fiffiken malam-buɗe-littafi ita ce mafi muni a sabon huji, lungunanta na tara ɓawo da sabulu da man gashi, ana iya tura ta ta matse, ga tsinin sandar yana sukar bayan kunne in an kwanta. Wanda ya fi shi ne mai ɗan faifai sumul a baya, wanda ake shigarwa ta baya a ɗaura ado ta gaba, tsayinsa ba ya canzawa kuma ba abin da ke soka, ga masu ɗaura ɗankwali ya rufe kunne wuni guda wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ki duba kuma zanen murɗin kada ya zama a jikin sandar da za ta ratsa nama, a ce a ciki yake ɓoye ko kuma irin wanda ake turawa kawai ya kama. In sitofar kawai kike da ita, to ki tsayar da ita a kan 'yar tsagar da ke ƙarshen sanda, kar ki tura ta ciki. Mai zagaye irin zobe yana ba kumburi wuri in yana da faɗi, kamar milimita 10 a ƙasan kunne, amma yana juyawa yana jan datti ciki, yaro kuma yana iya zura yatsa ya fizge, shi ya sa na fi son a bar shi sai an warke. Ga jarirai kuma bayan ya zama mai murɗi da ya rufe tsinin, don sitofa in ta zame baki za ta nufa, kuma a riƙa dubawa don kunnen yana girma barimar ba ta girma.

Hujin sama wata duniya ce daban, kuma dama ƙanwar tawa ta so a yi mata har da shi na ce a'a. Guringuntsi jini ba ya isarsa kamar naman ƙasa, shi ya sa ƙasa ke kama kanta cikin sati 6 zuwa 8 amma sama ke cin wata 6 zuwa shekara. Bindiga ba ta dace da wurin ba sam, ba yanka take yi ba, da ƙarfin tsiya take tura ɗan kunne mai dakushin baki, ga jikinta roba ne ba a iya dafa shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. A nan allura sabuwa daga leda, titaniyom 16G, tsayi 8 ko 10 gwargwadon kaurin wurin, mai faifai a baya, a rage tsayin bayan sati 4 zuwa 8, ba na ma kawo zancen sitil ko gwal mai taushi. In saman kunne ya kumbura ya yi ja yana zafi amma naman ƙasa lafiyarsa ƙalau, asibiti za ki nufa a ranar, ba kemis ba, domin ƙwayar da ta fi kama wurin, sudomonas, ba ta jin irin kafson da aka saba saye, kuma in mugunya ta taru tana iya cinye guringuntsin kunnen ya nannaɗe har abada. Wadda kuma a gidansu ake yin kiloyid, tsiron nan mai tauri da ke fitowa a kan tabo ya wuce girman ciwon, wanda ya fi yawa a baƙar fata kuma ya fi kama wadda aka huda bayan ta fara girma, ta sani babu ƙarfen da ke hana shi, titaniyom na rage fushin rami ne kawai.

Kulawar kuwa ba ta da yawa in zaɓin ya yi daidai. Ruwan gishirin asibiti, wanda ake ƙarin ruwa da shi mai 0.9%, a jiƙa gaba da baya sau biyu a rana da hannu wankakke, a busar da tishu mai tsafta, ba auduga mai barin zare ba. Ba sifirit, ba man zafi, ba juya ɗan kunne wai don kar ya manne, juyawar ce ke yage sabuwar fatar da ke shimfiɗuwa a ciki. Bayan alwala da wanka ki tsane wurin kar ki mayar da hijabi a kan jiƙaƙƙen kunne, ki gaya wa mai kitso da mai wankin kai tun kafin su fara, rigar filo kuma a riƙa canzawa. In lokacin zafi ne kina gumi ƙarƙashin ɗankwali, ɗaga shi sama da kunne in kina cikin gida. Kuma ko ya yi kamar ya warke a sati na uku, bakin ne kawai ya rufe, cikin ɗanye ne, in hujin ƙasa ne ki bar na farkon ya cika satinsa takwas kafin ki fara gwada na cikin akwati, in kin cire kuma kar ki bar ramin fayau ya kwana a watannin farko don da safe za ki tarar ya fara toshewa.